Kuɗin hutun da ba a ci ba: yadda ake lissafa shi daga albashin shekara idan ma'aikaci zai bar aiki

Wata ma'aikaciya ta taɓa shigowa ofishina da takardar albashinta na ƙarshe, ta ajiye a kan teburi, ta ɗora yatsa a kan layi guda. "Malam, kwana goma sha ɗaya nake bin ku, kuma kun rubuta sha ɗaya. Amma kuɗin da ke gabansa bai kai albashin mako biyu ba. Ya aka yi haka?" Na jawo kalkuleta na sake bugawa, na ga ita ke da gaskiya. Ba a ci mata ko rabin yini ba a wajen ƙidayar kwanaki. Wanda ya shirya takardar ya raba albashinta na shekara da 365, alhali hutun da muke bayarwa da kwanakin aiki ake ƙirga shi.

Lissafin kansa gajere ne: kwanakin da suka rage, sau kuɗin kwana ɗaya. Rigimar tana wajen samo waɗannan lambobi biyun, musamman ta biyun. Zan bi lissafin wannan baiwar Allah daga farko, da lambobin da na daidaita don su yi sauƙin bi. Ban saka sunan kuɗi ba, domin aikin ɗaya ne ko da wane irin kuɗi ake biyan albashin.

Ga bayananta. Albashinta 3,120,000 ne a shekara. Tana aiki kwana biyar a mako, Litinin zuwa Juma'a. Hutunta na shekara kwana 24 ne na aiki, kuma shekarar hutu tana farawa 1 ga Janairu. Ranar aikinta ta ƙarshe 15 ga Satumba, 2025. Ta shigo shekarar da ragowar kwana 3 daga bara, sannan ta ci kwana 9 a bana.

Da farko, takardu kafin kalkuleta

Abu uku za ka shimfiɗa a gabanka: takardar yarjejeniyar aikinta, kundin ƙa'idojin ma'aikata, da abin da dokar ƙwadago ta ƙasar da ake aikin ta ce. Dokar ce ke saman sauran biyun. Yarjejeniya tana iya ƙara wa ma'aikaci a kan abin da doka ta ba shi, amma ba ta iya rage masa.

Ƙasashe sun sha bamban a nan. Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, ta tanadi cewa wanda ya bar aiki bayan ya cika mafi ƙarancin wa'adin da ake buƙata, a ba shi hutun da ya tara gwargwadon zamansa, ko a biya shi kuɗi a madadinsa. Sai dai ƙasashen da suka rattaba hannu a kanta ne kawai ta hau kansu. A Tarayyar Turai, doka ta hana a musanya hutun mako huɗu na tilas da kuɗi, in ba lokacin rabuwa da aiki ba. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ta tilasta biyan ba, an bar wa jihohi: California tana ɗaukar hutun da aka tara a matsayin albashin da dole a biya, wasu jihohin kuma sun bar abin ga ƙa'idar ma'aikata. Saboda haka kada ka ɗauko tsarin wata ƙasa ka ɗora wa taka.

A cikin takardun nan amsar tambaya huɗu kake nema. Da kwanakin aiki ake ƙirga hutun ko da kwanakin kalanda? Yaushe shekarar hutu take farawa? Kwana nawa aka yarda a tsallaka da su zuwa sabuwar shekara, kuma suna ƙonewa bayan wani lokaci? Sannan an ambaci lambar da za a raba albashin shekara da ita? Rubuta amsoshin a saman takardar lissafinka kafin ka buga ko lamba ɗaya.

Kwana nawa take bi

Kwana 24 ɗin nan na wanda ya cika shekara ne. Ita ba ta cika ba, don haka sai a kasafta gwargwadon zaman da ta yi. Daga 1 ga Janairu zuwa 15 ga Satumba, har da ranar farko da ta ƙarshe, kwana 258 ne. Sai ka ce 24 sau 258, a raba da 365, ka sami 16.96. Wannan ne hutun da ta tara a bana.

Lura da cewa 365 ta shigo a nan, kuma a nan wurinta ne, domin tsawon zama muke aunawa a kan tsawon shekara, duka biyun da kalanda. Idan shekara mai kwana 366 ce, sai a yi amfani da 366. Ina zargin daga nan ne hannun wasu ke zarcewa su sake buga 365 a mataki na gaba, inda ba ta da gurbi.

Wasu ma'aikatun da wata-wata suke tarawa: 24 a raba da 12, kwana 2 ke nan kowane wata. Idan ƙa'idarsu cikakken wata kawai take ƙirgawa, za ta tashi da kwana 16 na wata takwas, rabin Satumba ya tafi a banza. Idan ana ƙirga rabin wata, 17 ne. Bi abin da ke rubuce, matuƙar bai gaza na doka ba. Idan babu komai a rubuce, ni na fi son ƙirga kwana-kwana, don babu wanda zai ce an zalunce shi da ita.

Yanzu a haɗa: 16.96 na bana, a ƙara 3 na bara, a ɗebe 9 da ta ci, saura 10.96. Ba na son biyan mutum "kwana goma da ɗigo tara da shida", kuma ƙa'idarmu ta ce a cike zuwa rabin yini na gaba, sai ya zama 11. Cikewa sama ba ta jawo ƙara. Yankewa ƙasa ce ke jawowa, domin kana iya faɗawa ƙarƙashin abin da doka ta tanada.

Kafin ka amince da wannan 9 ɗin, buɗe rajistar hutu ka bi ta layi-layi. Abin da na fi kamawa shi ne ranar hutun gwamnati da ta faɗo a tsakiyar hutun mutum, aka ƙirga ta cikin kwanakinsa, alhali a ma'aikatar hutun gwamnati daban yake. Akwai kuma hutun da aka amince da shi a takarda, daga baya shugaban sashe ya kira mutum ya dawo bakin aiki, ba wanda ya gyara rajista. Akwai hutun da ta nema na watan Nuwamba, wanda manhajar ofis ta riga ta cire daga lissafinta tun ranar da aka amince, ga shi ba za ta kai Nuwamba ba. Duk waɗannan sai an mayar mata. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tura mata jerin ranakun ta duba da kanta ta sa hannu. Mai hutu ya fi kowa sanin ranar da ya huta.

Ranar ƙarshe ma a tabbatar da ita. Ranar da aikin ya ƙare a hukumance ake nufi, ba ranar da ta miƙa takardar ajiye aiki ba. A galibin tsare-tsare hutu yana ci gaba da taruwa a lokacin notis, ko da an ce ta zauna a gida har wa'adin ya cika. Wanda kuma ya fara aiki a cikin wannan shekarar, daga ranar da ya fara ake ƙirga masa, ba daga 1 ga Janairu ba.

Kuɗin kwana ɗaya, inda ake yin ɓarnar

Ma'aikaciyar nan tana karɓar 3,120,000 ne a kan kwanakin da take zuwa aiki. Mako 52 sau kwana 5, kwana 260 ke nan. Raba albashin da 260, kuɗin yini ya fito 12,000 cif. Kwana 11 sau 12,000, haƙƙinta 132,000.

Wanda ya shirya takardarta ta farko ya raba da 365, ya sami 8,547.95 a yini, ya ninka sau 11, ya rubuta mata kusan 94,027. Giɓin ya kusa 38,000, wato an zabge mata kusan kashi 29 cikin ɗari, kuma babu layi ɗaya a takardar da za ka nuna ka ce ƙarya ne. Kowace lamba daidai take a karan kanta. Haɗin ne bai dace ba.

Dalilin shi ne, idan ka raba da 365 ka shimfiɗa albashin a kan kowace rana ta shekara, har Asabar da Lahadi. To amma kwanakinta 11 babu Asabar da Lahadi a cikinsu, domin ba a cire mata ƙarshen mako daga hutu. Da ta ɗauki hutun nan tana bakin aiki, da ta yi mako biyu cur da yini ɗaya a gida, albashinta na tafiya. Albashin mako 60,000 ne, wato 3,120,000 a raba da 52. Mako biyu 120,000, a ƙara yini ɗaya 12,000, ga 132,000 ta sake fitowa. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowane lissafi kafin in sa hannu: abin da za a biya ya yi daidai da abin da mutum zai samu da ya ci hutun nasa? Idan kwana biyar na hutu bai ba da albashin mako guda ba ga mai aikin kwana biyar, akwai matsala a wani wuri.

Wannan ba ya nufin 365 haramun ce. Akwai ƙasashen da ake ba da hutu da kwanakin kalanda, kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa inda hutun shekara kwana 30 ne. A irin wannan tsarin, hutun mako guda kwana bakwai yake ci daga lissafin mutum, don haka daidai ne a raba albashi a kan dukan kwanakin shekara ko na wata. Kuɗin yini ya ragu, amma yawan kwanakin ya ƙaru, sai su cike wa juna. Gwada da misalinmu: kwana 11 na aiki daidai yake da 15.4 na kalanda, wato 11 sau 7 a raba da 5. Ninka 15.4 da 8,547.95, za ka sami kusan 131,638, dab da 132,000. Ɗan bambancin ya zo ne daga cewa shekara ta ɗara mako 52 da kwana ɗaya. Ƙa'idar dai ita ce irin kwanan da ka ƙirga hutu da shi, da irinsa za ka raba albashi.

Za ka gamu da wasu lambobin. Wasu suna raba albashin wata da 30, wanda daidai yake da raba na shekara da 360. Albashinta na wata 260,000 ne, a raba da 30 ya ba da 8,666.67, ciwo ɗaya da na 365 idan hutun na kwanakin aiki ne. Wasu suna raba na wata da 22, su sami 11,818.18, wanda ya ɗan gaza saboda 22 sau 12 ya kai 264. Wanda ya yi daidai da 260 shi ne 21.67. Akwai kuma masu ƙirga ainihin kwanakin Litinin zuwa Juma'a na shekarar: 2025 tana da 261, 2024 tana da 262. Da 261 kuɗin yini zai zama 11,954.02. Wannan bambancin ƙarami ne, ba na ɓata lokaci a kansa. A zaɓi ɗaya, a rubuta shi a ƙa'ida, a yi wa kowa da shi, daga masinja har darakta.

Idan yarjejeniyar ta rubuta 365 ɓaro-ɓaro, hutu kuma na kwanakin aiki ne fa? A nan sai ka koma ga doka. A Birtaniya, alal misali, kotunan ƙwadago sun karkata ga cewa kuɗin hutun da doka ta wajabta ya dace da abin da mutum zai samu a kwanakin aikinsa. Idan dokar ƙasarka ta yi shiru, mai yiwuwa abin da aka sa wa hannu ne zai yi aiki, amma a ganina ya kamata ka kai maganar gaban shugabanni a gyara sharaɗin, don ba dabara ba ce ma'aikata ta riƙa rabuwa da kowa da rigima a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba a kasafinta.

Wanda ba kwana biyar yake yi ba

Lambar 260 ta mai kwana biyar ce kawai. Mai aikin kwana shida, 52 sau 6, da 312 za a raba masa, kuma da wannan albashin kuɗin yininsa 10,000 ne. Mai zuwa kwana uku a mako, 156.

Kuskuren da ake yi wa mai kwana uku ya fi na 365 muni. A ce ainihin albashinsa 1,872,000 ne a shekara. Raba da 156, ka sami 12,000, daidai da abokiyar aikinsa mai cikakken mako, kuma haka ya kamata tunda aiki ɗaya suke yi a yini. Idan ka manta ka raba da 260, sai ya tashi da 7,200. An rage masa sau biyu ke nan: an riga an rage yawan kwanakin hutunsa gwargwadon kwana ukun, sannan an sake rage kuɗin kowane yini.

Idan sa'o'in mutum ba ɗaya ba ne kullum, yau takwas gobe huɗu, bar maganar kwana ka koma sa'a. Mai sa'a 40 a mako yana da 2,080 a shekara, kuma 3,120,000 a raba da 2,080 ya ba da 1,500 a sa'a. Sai a mayar da ragowar hutun zuwa sa'o'i a ninka.

Wane albashi ake rabawa

Na ɗauki 3,120,000 kamar lamba ce guda da kowa ya yarda da ita, amma takardar albashi tana da layuka: gundarin albashi, alawus na gida, na sufuri, kamasho, kuɗin ƙarin lokaci. Wanne zai shiga? Wasu dokokin gundarin albashi kawai suke ɗauka wajen biyan ragowar hutu, kamar na Daular Larabawa da na ambata. A Tarayyar Turai da Birtaniya kuwa, kotuna sun ce kuɗin hutu ya ƙunshi abin da mutum ya saba samu, har da kamashon da ke manne da aikinsa. Inda aka bar maka zaɓi, tambayar ɗazu ce za ta raba gardama: da tana hutu, za a ci gaba da biyan ta wannan layin? Alawus ɗin gida ba ya tsayawa don mutum ya tafi hutu, saboda haka ya shiga. Kuɗin da ake mayar mata na tafiyar aiki bayan ta kawo rasit ba albashi ba ne, bai shiga ba.

Albashin kafin a cire haraji ake rabawa, ba wanda ke shiga asusunta ba. Idan ka raba wanda aka riga aka cire wa haraji, sannan ka sake cire haraji daga sakamakon, ka caje ta sau biyu. Idan kuma an yi mata ƙarin albashi a tsakiyar shekara, abin da aka fi yi shi ne a biya duk kwanakin, har ukun nan na bara, da albashin ranar rabuwa, domin da ta ci su a makonta na ƙarshe da sabon albashi za a biya ta.

Ga mai aiki da Excel, zuba bayanan haka: albashi a B1, kwanakin aiki na mako a B2, hutun shekara a B3, farkon shekarar hutu a B4, ranar ƙarshe a B5, ragowar bara a B6, wanda aka ci a B7. Sai waɗannan a B8 zuwa B11:

```
=B1/(B2*52)
=B3*(B5-B4+1)/365+B6-B7
=CEILING(B9,0.5)
=ROUND(B8*B10,2)
```

Wannan +1 ɗin shi ke shigar da ranar ƙarshe cikin ƙidaya. Kada kuma ka taƙaita kuɗin yini a B8, bar shi da duk ɗigonsa, a taƙaita a layin ƙarshe kawai.

Idan lissafi ya fito da bashi

A ce kwana 22 ta ci maimakon 9, ta yi doguwar tafiya tun watan Maris. Lissafin zai zama 16.96 da 3, a ɗebe 22, ya ba da ƙasa da sifili da 2.04. Ta ci hutun da ba ta kai ga tarawa ba. Kada hannunka ya yi saurin cire 24,000 daga albashinta. A ƙasashe da yawa ba a taɓa albashin mutum sai da izinin doka ko rubutacciyar yarjejeniya da ta gabata, kuma a Birtaniya sai an yi tanadin hakan a rubuce kafin a iya karɓar kuɗin hutun da ya wuce kima. Idan akwai sharaɗin, da kuɗin yinin da za ka biya ta da shi za ka cire. Na taɓa ganin inda ake biya da 365 amma a cire da 260, kuma ba na jin mantuwa ce. Idan ka sa wannan a Excel, lura da abin da CEILING ke yi wa lambar da ta gaza sifili, ka duba da ido kafin ka yarda.

Biya da rubutawa

A takardar albashin ƙarshe, ba wa kuɗin hutu layinsa daban, kada a cusa shi cikin albashin rabin Satumba ko kuɗin sallama. A galibin ƙasashe ana cire masa haraji kamar sauran albashi. Ko za a cire masa kason fansho kuwa, wannan ya danganta da ƙa'idar asusun fanshon, sai ka duba ta. Gaya wa ma'aikaciyar tun da wuri cewa 132,000 ɗin kafin haraji ne, don kada ta ga abin da ya shigo asusu ta ɗauka an sake yi mata ƙwange.

Haɗa mata da ɗan bayani na layi biyar ko shida: kwanakin da ta tara da yadda aka samo su, ragowar bara, wanda ta ci, albashin da aka yi amfani da shi, lambar da aka raba da ita, da jimla. Ajiye kwafi a fayil ɗinta tare da jerin ranakun da ta sa wa hannu, sannan ka mayar da ragowar hutunta sifili a rajista, don kada ya ci gaba da fitowa a matsayin bashi a littafin akanta ƙarshen shekara.

Ita wadda ta zo ofishina, cikon 37,973 muka tura mata a biyan wata na gaba, da sabuwar takarda mai nuna 260 a fili. Daga nan na jawo fayilolin duk waɗanda suka bar aiki a shekarar, na sami mutum biyu da aka yi wa irin wannan lissafin, ɗaya daga cikinsu mai zuwa kwana uku ne a mako.